Maganar Kawu Hammadu a Bakin Kulsumi

A Argungu in ka ce Kulsumi mai banda, babu mai tambayarka wace Kulsumi. Gidanta yana gangaren gulbi, kuma hayaƙinsa ne ke fara yi maka sallama kafin ka ga ƙofar. Tarwaɗa da kurungu da ƙarfasa, duk abin da masunta suka fito da shi ita ke saye, ta gyara, ta jera bisa waya, ta bi shi da wuta a hankali har ya yi ja. Masu gidajen abinci daga Birnin Kebbi suke zuwa sari wurinta. Kifinta ba ya tsutsa, kuma ba ta yi wa mai saye ƙarya. Abin da ake tsoro gare ta bakinta ne. Mijinta Dankure, wanda ke noman shinkafa a fadama, yakan ce shi tun da ya aure ta bai sake buƙatar yin faɗa da kowa ba, kafin ya buɗe baki an riga an yi masa.

Ubanta Bakabe ne, uwarta kuwa Bazabarmiya daga wani ƙauye can bayan Kamba. Saboda haka ta tashi da harshe biyu, Hausa a waje, Zabarmanci a ɗakin uwa. Da uwar ta rasu sai Zabarmancin ya kwanta, ba ta taɓa shi sai wurin ciniki da baƙi. Ana nan sai ƙanen uwarta, Kawu Hammadu, ya rasa matarsa, 'ya'yansa kuma duk sun watsu neman abinci. Kulsumi ta shiga mota da kanta ta je ta ɗauko shi. Tsoho ne dogo marar magana, masunci tun yana yaro. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen kifi ba, sai kuma "to", wadda yake ba kowa amsa da ita don kada a ce ya yi girman kai. Dankure ya samo masa ƙaramin jirgi, yana ɗan jefa ƙugiya, yana kuma ƙetarar da manoma zuwa fadama.

Wata safiya da ruwa ya cika, ya ɗauki wani manomin albasa mai suna Yari zai kai shi ƙetare. Suna tsakiya Yari ya miƙe zai gyara buhun taki, jirgin ya karkata, ya faɗa. Daidai wurin kuwa akwai tarun wani masunci, Shafi'u, da aka shimfiɗa a ruwa. Ƙafar Yari da rigarsa suka sarƙe, ruwa yana jansa ƙasa. Hammadu ya zaro wuƙa ya yi ta yanka har ya fid da shi. Taru dai ya lalace. Shafi'u ya iso bakin mashigi yana ihu, Hammadu yana yi masa bayani da Zabarmanci, shi yana zagi da Hausa, Yari kuma yana kwance yana aman ruwa, har aka ɗauke shi zuwa gida. Da ma akwai jiƙaƙƙa tsakanin Shafi'u da Kulsumi, don ta taɓa mayar masa da kifi a gaban jama'a ta ce na jiya ne. Bai tsaya neman sulhu ba, ya wuce caji ofis ya ce kawun Kulsumi ya yanke masa taru da gangan.

A caji ofis kofur ɗin da aka ba binciken ya yi wa Hammadu tambaya, Hammadu ya ce "to". Ya sake yi, ya sake cewa "to". Kulsumi, wadda ta biyo su ko wanke hannu ba ta yi ba, ta ce, "Ba shi jin Hausa, yallaɓai. Ka tambaye ni in gaya mishi." Kofur ya ji daɗi. Ya zaunar da ita, ya ce ta faɗa wa tsohon ba dole ba ne ya yi magana, amma abin da ya faɗa za a rubuta. Ita dai ta ce wa kawunta, "Faɗi abin da ya faru." Hammadu ya yi magana kaɗan ya yi shiru. Kulsumi ta karɓa ta yi mai tsawo, tana nuna ƙofar da Shafi'u yake zaune da yatsa. Kofur yana saurare da Hausa yana rubutawa da Turanci. Da ya gama ya karanta mata a gurguje da Hausa, ta ce daidai ne, Hammadu ya dangwala yatsa, ita ma ta dangwala a wurin da aka rubuta sunanta a matsayin tafinta. Dankure ya tsaya masa beli suka koma gida, Kulsumi tana ganin ta fitar da kawunta kunya.

Ranar da aka shiga kotun majistare ta sa zanenta mai kyau ta zauna a benci na baya. Mai shari'ar mace ce, da tabarau. Kowa a ɗakin yana jin Hausa, har ita mai shari'ar, amma da Turanci ake komai, don da shi kotun ke aiki kuma da shi ake rubuta bayanan zama. Akawun kotu, Nathaniel, shi ke mayar wa mutane da Hausa. Aka tambayi mai gabatar da ƙara wane harshe wanda ake tuhuma yake ji, ya dubi tsohon da hularsa ya ce Hausa. Nathaniel ya karanta ƙarar da Turanci, ya juya ta da Hausa: ana zarginsa da ɓarnata dukiyar wani da gangan. Sa'an nan ya ce, "Baba, ka gane abin da aka karanta maka?"

Hammadu ya ga an dube shi ana jiran amsa. Ya yi tsammanin ana tambaya ko shi ne Hammadu. Ya rusuna ya ce, "Oho."

Ɗakin ya yi guna-guni. Wani daga baya ya ce tsoho da rashin kunya. Odalin kotu ya zare ido. Kulsumi ta miƙe tsaye. "Ba raini ba na! Oho ga Zabarmanci i na! Cewa yay yi i!"

"Shiru a kotu!" in ji odali.

"In yi shiru ku ɗaure min kawu bisa maganar da ba ku jiya ba?"

Mai shari'a ta ɗaga hannu, ta ce a gaya wa matar nan in ta sake magana ba da izini ba za a fitar da ita. Amma ba ta wuce maganar ba. Ta ce wa Nathaniel ya nemi tsohon ya maimaita, da bakinsa, abin da ya ji an karanta masa. Nathaniel ya tambaya a hankali. Hammadu ya yi murmushi ya ce, "Lahiya lau." Mai shari'a ta ajiye alƙalami. Ta ce ba za ta karɓi amsar mutum kan tuhumar da bai san mece ce ba, doka ta ba shi haƙƙin a sanar da shi laifin da harshen da yake ji, a kuma samo masa tafinta ba tare da ya biya ba. Ta ce za ta ɗage zama.

Kulsumi ta nemi izini, aka ba ta. Ta ce ga ta nan, tana jin Zabarmanci kamar ruwa, a ci gaba yau a gama. Nathaniel ya mayar da Turanci. Mai shari'a ta tambayi mece ce ita a wurinsa. Ɗiyar yayarsa. Ta ce ba zai yiwu ba, tafinta ba ya zama ɗan uwan kowane ɓangare. Kulsumi ta fito tana tafa hannu. "Ga mai jin harshe tsaye, an ce a tahi a biɗo wani! Wanga wane irin aiki na?"

Wata mai gidan abinci a Birnin Kebbi, Cecilia, wadda ta daɗe tana sarin banda wurinta, ita ta ce mata 'yarta Christabel lauya ce kuma tana karɓar shari'ar marasa ƙarfi. Kulsumi ta kulle murhu ta kama hanyar Birnin Kebbi da ƙullin kifi a hannu. Ta sami Christabel a wani ƙaramin ofis bisa bene, yarinya siririya wadda aka haifa a garin, Hausarta har da karin Kabawa. Ta saurara har Kulsumi ta gaji don kanta, sa'an nan ta ce, "Mama, wa ya yi masa tafinta wurin 'yan sanda?"

"Ni mana."

"Abin da ya faɗa kika faɗa? Ba ƙari ba ragi?"

"Ɗiyata, shi mutum na marar baki. In an bar shi da tashi magana ai sai a cuce shi. Na dai gyara mishi."

Christabel ta jawo takarda ta yi ɗan rubutu. Ta ce za ta nemi kwafin bayanin. Ta kuma ce aikin tafinta shi ne ya maido abin da aka faɗa yadda aka faɗa, ba ya gyara, ba ya taƙaitawa, ba ya ba da shawara, ko da maganar za ta cuci mai ita. Kulsumi ta ce wannan ai aikin aku ne, ba na mutum mai hankali ba.

Daga nan aka shiga jeka-ka-dawo. Duk ranar zama sai Kulsumi ta bar kifi ga maƙwabta, ta wanke wa kawunta riga, Dankure ya bar gona, Christabel ta taso daga Birnin Kebbi tun da safe. Su zauna har a kira su, Nathaniel ya miƙe ya ce an rubuta neman tafinta, ba a samu ba tukuna. A ɗage. Wata rana mai gabatar da ƙara ya zo da wani ɗan sanda Bazabarme, yana murna an huta. Christabel ta tambayi inda yake aiki, ashe a caji ofis ɗin da ya binciki ƙarar ne. Ta ce ba ta yarda ba, mai shari'a ta goyi bayanta. Kulsumi ta tare ta a waje.

"An samo, kin kore shi! Ke tamu ta ko tasu?"

"Mama, in ya karkata magana, wa zai sani cikinmu? Ni ban ji, mai shari'a ba ta ji."

"Ni ina ji!"

"Ke kuma ba ki da bakin magana a ciki. Amma ki zauna bayana. Ranar da kika ji tafinta ya kauce, ki taɓa ni nan take. In aka bari aka wuce wurin, an rubuta ke nan, ƙorafin baya ba ya da ƙarfi."

Ruwa ya janye, aka yanke shinkafa, masunta suka shiga lokacin da kifi ya fi arha, lokacin da Kulsumi ta saba cika ɗaki da banda. Ita kuwa tana bisa bencin kotu. Hammadu ya daina fita gulbi. Yakan zauna gindin bango yana kallon ƙasa, in ta kawo abinci ya tambaye ta, "Me suka ce na yi?" Ta ce masa kada ya damu, tana nan.

Sai aka samo Tamba. Dillalin albasa ne a kasuwa, Bazabarme, yana jin Hausa sosai amma ba ya jin Turanci. Mai shari'a ta ce za a yi hawa biyu: Nathaniel daga Turanci zuwa Hausa, Tamba daga Hausa zuwa Zabarmanci, amsa kuma ta biyo hanyar ta dawo. Aka rantsar da Tamba cewa zai fassara tsakani da Allah iyakar iyawarsa, aka rubuta sunansa. Ya gyara babbar riga ya tsaya kusa da Hammadu. Tsohon da ya ji harshensa a bakin wani namiji, fuskarsa ta washe. Suka gaisa, suka tambayi garuruwan juna, sai da odali ya buga tebur.

Nathaniel ya karanta ƙarar. Tamba ya juya ya yi wa Hammadu magana, ya yi ta yi, har da dafa kafaɗa. Kulsumi tana ji. Abin da yake cewa shi ne, "Dattijo, mutanen nan ba sa son gardama. Ka ce ka yi, ka ba da haƙuri, sai su tausaya maka don tsufanka mu tafi gida. Ni na san su." Hammadu ya yi doguwar amsa, yana kwatanta ruwa da hannu, yana nuna ƙafa. Tamba ya juyo ya ce, "Ya ce shi ya yi. A yi mishi haƙuri."

Kulsumi ba taɓa Christabel ta yi ba, cafkar rigarta ta yi har ta kusa faɗuwa da kujera. Christabel ta miƙe kafin alƙalamin mai shari'a ya sauka. Ta ce tana da ƙorafi kan fassarar: wanda ake tuhuma ya yi magana mai tsawo, an dawo da 'yan kalmomi, kuma tana da dalilin zaton an ba shi shawara. Mai shari'a ta sa aka tambayi Tamba me ya gaya wa tsohon. Tamba bai ɓoye ba, don a ganinsa alheri ya yi. Ya ce sauran maganar tsohon duk labarin ruwa ne da wani mutum, ba shi aka tambaye shi ba, shi ya sa ya tsince mai amfanin. Mai shari'a ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ba za a rubuta wannan a matsayin amsa laifi ba, ta sallami Tamba. Ya fita yana cewa ya bar albasarsa a rana don taimakon Musulmi an wulaƙanta shi. Aka ɗage. A ƙofa Kulsumi ta bi Tamba da maganganun da sai da Dankure ya ja ta.

Sai bayan sanyi ya wuce aka turo Malam Zulkifli daga Birnin Kebbi, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, mutumin Dandi, mai jin Zabarmanci da Hausa da Turanci. Aka rantsar da shi. Ya gaya wa Hammadu, da izinin kotu, cewa duk abin da aka faɗa a ɗakin zai maido masa, duk abin da shi ma ya faɗa zai mayar, don haka kada ya gaya masa abin da ba ya son kotu ta ji. Aka karanta ƙarar guntu-guntu, yana juyawa. Da Hammadu ya gane ana cewa da gangan ya yi, don ya jawo wa mai taru hasara, ya kama haɓa. Ya ce, "Na yanke taru. Amma mutum ne a ciki." Malam Zulkifli ya mayar da Turanci kamar shi ne mai maganar, bai ce "ya ce" ba. Mai shari'a ta rubuta kalmominsa, ta rubuta bai amsa laifi ba.

Kulsumi ta yi ajiyar zuciya ta gyara zama don ta ji yadda Shafi'u zai kunyata. Sai aka ce duk shaidu su fita waje inda ba za su ji ba, mai gabatar da ƙara ya karanto sunaye, har da nata.

"Ni? Shaidar wa?"

"Shaidar masu ƙara," in ji Nathaniel.

Christabel ta biyo ta baranda ta yi mata bayani. Kofur bai ji abin da Hammadu ya faɗa da kunnensa ba, abin da Kulsumi ta ce ya faɗa shi ya ji. Don haka bayanin ba ya shiga shaida sai an kira wadda ta fassara ta tabbatar, in ba haka ba ji-ta-ji-ta ne. Masu ƙara suna son bayanin ya shiga, shi ya sa suke son ta.

"To in ƙi zuwa."

"An ba ki sammaci, Mama. Ki shiga ki faɗi gaskiya, shi ke nan."

Ta zauna gindin dogonyaro tare da Yari, wanda shi ma ke jiran a kira shi, tana ta huci. A ciki shari'a tana tafiya kamar hawainiya. Shafi'u ya yi magana da Hausa, Nathaniel ya mayar da Turanci don a rubuta, Malam Zulkifli ya mayar da Zabarmanci don wanda ake tuhuma ya ji abin da ake faɗa a kansa. Kowace jimla sai ta yi tafiya uku. Dankure ya ce har sau biyu Malam Zulkifli yana tsayar da kotu ya nemi izinin tambayar abin da wata kalmar masunta ke nufi, don ba zai yi cinke ba. Shaida ɗaya ya cinye yini. Sai a zama na gaba aka kira Kulsumi.

Ta shiga akwatin shaida ta yi rantsuwa. Mai gabatar da ƙara ya nuna mata yatsanta a takarda, ta ce nata ne. Ya sa aka karanta bayanin da Turanci, Nathaniel yana mayar mata da Hausa, Malam Zulkifli yana raɗa wa Hammadu.

"Ni na yanke tarun Shafi'u," in ji takardar. "Ina tare da Yari. Shafi'u mutumin banza ne, mai sayar da ruɓaɓɓen kifi. An daɗe ana gaya masa ya bar tare hanyar jirage. Abin da ya same shi shi ya ja. In ya sake shimfiɗawa gobe, gobe zan sake yankewa."

Kulsumi ta ji muryarta sarai a cikin takardar. Ta saci kallon kawunta. Yana tsaye ya karkata kunne wajen Malam Zulkifli, idonsa yana ƙara buɗewa. Da aka kai ƙarshe ya juyo ya dube ta, ya yi magana da ƙarfi, abin da bai taɓa yi ba. Malam Zulkifli ya mayar wa kotu, don an faɗa a gabanta: "Kulsumi, yaushe na faɗi wannan? Ni ko sunan mutumin ban sani ba." Mai shari'a ta ce a gaya masa ya dakata, lokacinsa na zuwa.

Mai gabatar da ƙara ya ce, "Wannan shi ne abin da ya gaya miki?"

"Wani nashi na, wani nawa."

"Wanne ne nasa?"

"Na yanke taru. Nan nashi ya ƙare."

"Kin san kin dangwala yatsa cewa daidai ne?"

"Daidai na mana! Akwai ƙarya ciki? Ba ya sai da ruɓaɓɓen kihi?"

Aka yi dariya har odali ya yi tsawa. Christabel ta miƙe da nata tambayoyin, ba ta sassauta mata ba. Ta gaya wa kawunta yana da damar yin shiru? A'a. Da kofur ya karanta mata da Hausa, ta mayar masa da Zabarmanci kafin ya dangwala? A'a, ta dai ce masa ya sa hannu. An rubuta maganarsa da harshensa? Wa zai rubuta. To me ya faɗa da ba ya cikin takardar? Nan Kulsumi ta kau da kai ta amsa.

"Ya ce Yari ya faɗa ruwa ya sarƙe, shi ya sa ya yanka."

"Kin faɗa wa kofur?"

"Na ce suna tare. Kowa ga mashigi ya san Yari ya faɗa ruwa, mi za ni tsaya faɗi?"

"Sai me kuma ya ce?"

"Ya ce a ba shi tarun da zare ya ɗinke ma mai shi."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kawuna, da furfura tai, ya zamna yana yi ma Shafi'u ɗinki? Ina raye?"

Shafi'u, wanda ke zaune bayan ya gama tasa shaidar, ya buɗe baki ya kasa rufewa. Mai shari'a ta yi rubutu mai tsawo. Ta yanke cewa bayanin ba maganar wanda ake tuhuma ba ce, ba a kuma karanta masa shi da harshen da yake ji ba, saboda haka ba za ta dogara da shi ba. Ta ƙara da cewa da mai binciken ya nemi tafinta da ba ruwansa da rigimar, da wataƙila ƙarar ba ta iso gabanta ba.

Sauran ya zo da sauƙi, ko da yake shi ma sai da aka sake ɗagewa saboda Malam Zulkifli ya yi zazzaɓi, kuma ba a zama ba shi. Yari ya ba da shaida ya nuna tabon igiya a ƙaurinsa. Hammadu ya shiga akwati ya ba da labarinsa daga fari, a hankali, ana juyawa jimla-jimla, babu mai katse shi. Ranar hukunci mai shari'a ta karanta da Turanci, Malam Zulkifli yana biye. Ta ce ba a tabbatar da niyyar ɓarna ba, mutum ne ya yanke taru don ya ceci rai. Ta sallame shi ta wanke shi.

Hammadu da Kulsumi suka kama hanyar gida. Da suka isa ya zauna, ya kira ta da sunan da uwarta ke kiranta da shi, ya ce gobe ta raka shi gidan mai tarun.

"Kawu, kotu ta wanke ka. Ba ka da abin yi can."

"Kotu ba ta ɗinke tarun ba. Za ki raka ni, kuma abin da na faɗa shi za ki faɗa. In na yi shiru ki yi shiru."

Ta raka shi. Ta tsaya a zauren Shafi'u fuska a murtuƙe tana mayar da gaisuwar kawunta kalma-kalma, har da inda ya ce a yafe masa zagin da aka yi da sunansa. Wannan ma ta mayar, ba ta rage ba. Shafi'u ya rasa inda zai sa ido, ya shiga ya fito da tarun da ƙullin zare. Hammadu ya shimfiɗa shi a inuwa ya fara aiki, Shafi'u ya tsuguna ya kama masa ɗaya bakin, suna yi da hannu da ido.

Kulsumi ta bar su ta koma ta hura murhunta. Har yau in aka tayar da zancen, ba ta yarda laifinta ne kaɗai ba. Takan ce ita ta ƙara gishiri, ta ji, amma wa ya hana su ajiye mai jin Zabarmanci a gari irin wannan, da Zabarmawa ke shiga da fita kullum? Kakar kifi guda ta wuce ta tana zaman benci, masu sarinta biyu sun koma wurin wata. In wani baƙo ya zo yana roƙon ta raka shi caji ofis don ba ya jin Hausa, tana raka shi, ta kai shi har gaban kantar 'yan sanda, ta gaya musu harshen da yake ji, ta ce su nemo tafinta. In suka ce ai ga ki, sai ta ce ita banda take yi, ta ja kujera ta zauna tana jiran su.